Yadda ake bitar taƙaitaccen bayanin kai na neman aiki kafin a sake shi

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Aboabo, a nan Kumasi, yana aikin akanta a wani kamfanin sarin kayan masarufi da ke Adum, kuma ya daɗe yana neman inda ya fi nan. Ranar wata Asabar ya zo gida ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah ka duba mini wannan, wata shida ke nan da na rubuta shi amma ko mutum ɗaya bai tuntuɓe ni ba." Abin da ya nuna mini shi ne sashen da LinkedIn ke kira `About`, wato inda mutum yake bayyana kansa da aikinsa a taƙaice. Da yake na yi shekaru ina tantance takardun masu neman aiki, sai na ga ya kamata in rubuta matakan da muka bi, domin kurakuransa su ne dai waɗanda nake gani a wurin yawancin matasanmu na zango, kuma duk wanda zai saka bayaninsa a shafin neman aiki na Jobberman ko a saman takardar neman aiki zai iya bin hanya ɗaya.

Da Turanci ya rubuta, kamar yadda kasuwar aiki ta Gana ta tilasta, amma ga ma'anar abin da ya ce. Ya ce shi ƙwararren masanin harkar kuɗi ne mai himma da hangen nesa, wanda ya shafe fiye da shekara bakwai yana kawo gagarumin sauyi a manyan kamfanoni. Ya ce ya ƙara wa kamfaninsu kuɗin shiga da kashi 60 cikin ɗari, yana jagorantar tawagar ma'aikata, gwani ne a SAP, wata manhajar tafiyar da lissafin kamfanoni, kuma yana da sha'awar tallace-tallace da harkar gidaje da koyarwa da tsara shafukan intanet. A layin da ke ƙarƙashin sunansa kuma ya rubuta `Chartered Accountant`.

Mataki na farko: kada ka fara da rubutun

Yawancin masu bita suna kama gyaran jimla tun daga layin farko, alhali ba su san wa ake rubuta wa ba. Na ajiye wayar gefe na tambaye shi irin aikin da yake so a kira shi dominsa, da suna ɗaya tak. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce akanta a kamfanin da ke da tsari, a Kumasi ko Akra ko Tema. Daga nan na sa shi ya nemo sanarwar ɗaukar ma'aikata guda shida na irin wannan aiki, waɗanda a gaskiya ya cancanci nema yau, ba waɗanda yake mafarkin samu bayan shekara goma ba. Biyar zuwa takwas sun isa. Idan sun gaza haka, ɗabi'ar kamfani ɗaya za ta iya ruɗin ka ka ɗauka ita ce ta kowa, idan kuma sun yi yawa za ka gaji kafin ka gama.

Muka ɗauki takarda da biro muka rubuta kowane sunan matsayi, kowace manhaja, da kowane aiki da aka ambata, muna yin ɗan tsinke a gaban kalma duk lokacin da ta sake fitowa. Wannan takarda ita ce ma'aunin da aka yi sauran bitar da shi, shi ya sa ba a tsallake ta.

Mataki na biyu: ina bayanin ya dosa?

LinkedIn yana ba da damar haruffa 2,600 a wannan sashe, amma layuka kaɗan na farko ne kawai suke bayyana kafin mai karatu ya danna `see more`, kuma a waya abin da ke bayyana ya fi ƙanƙanta. Saboda haka gwajin farko shi ne ka rufe komai da hannunka ban da jimla biyu na farko, ka ba wani wanda bai san aikinka ba ya karanta, sannan ka tambaye shi abu uku: wane aiki mutumin nan yake yi, a wane irin wuri, kuma me yake nema. Mun gwada da matata, wadda malamar makaranta ce. Ta karanta ta ce, "To, na ga yana da himma, amma ban san ko a banki yake ko inshora yake sayarwa ba." Wannan amsa ta isa hukunci.

Abu na biyu shi ne ka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya kana tambaya ko kowacce tana taimaka wa aikin nan guda da aka zaɓa. Harkar gidaje da tsara shafukan intanet da koyarwa duk sun fita. Ya yi gardama a nan, ya ce ai idan ya nuna yana iya abubuwa da yawa, ƙofofi da yawa za su buɗe masa. Na fahimci dalilinsa, domin a garin da aiki yake da wuya kowa yana riƙe da sana'a biyu ko uku, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai mai neman akanta yana da gurbi ɗaya ne da yake son cikewa, kuma idan ya ga mutum ya raba ƙafa a wuri huɗu, abin da zai fara zuwa ransa shi ne wannan ba zai zauna ba. Wanda yake da sana'a biyu da gaske, kuma yana son a san su duka, sai ya ba babbar kashi huɗu cikin biyar na wurin, ƙaramar kuma ya bar mata jimla ɗaya a ƙarshe.

Akwai abu guda da bai rubuta ba wanda na sa ya ƙara. Yana jin Hausa da Tuwi da Turanci, kuma rabin aikinsa na karɓo bashi da waɗannan harsuna yake yin sa, tsakanin 'yan kasuwar Kejetia da masu saro kaya daga Tamale da Bawku. Shi a ganinsa wannan ba ƙwarewa ba ce tunda da ita ya tashi, alhali ga kamfanin da ke sayar wa 'yan kasuwa kaya bashi, tana cikin abubuwan da suka bambanta shi da sauran masu nema.

Mataki na uku: kalmomin da ake nemanka da su

Mai ɗaukar ma'aikata ba ya bin bayanan mutane ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Yana rubuta kalmomi a akwatin bincike, ya zaɓi gari, sannan ya duba waɗanda suka fito. Sau da yawa abin da yake rubutawa yana kama da wannan:

```
"Accounts Officer" AND (QuickBooks OR Tally) AND payroll
```

Alamar zance tana nufin a nemo kalmomin nan biyu a jere kamar yadda aka rubuta su, `AND` yana nufin dole a samu duka, `OR` kuma yana nufin ɗaya daga ciki ya isa. Idan ka fahimci wannan, za ka gane abin da ya sa wata shida ba a kira ɗan ƙanwata ba. Ya kira kansa masanin harkar kuɗi mai hangen nesa, kuma babu mai rubuta hangen nesa a akwatin bincike. Kalmomi irin su `passionate` da `results-driven` da `dynamic` suna cin wuri ne kawai, domin kowa yana da su kuma ba a tace kowa da su.

Da muka koma kan takardarmu, sai muka ga `Accounts Officer` ya fito a sanarwa biyar cikin shida, `bank reconciliation`, wato daidaita littafin kamfani da takardar banki, da `payroll`, wato haɗa albashi, a duka shidan, `PAYE` da `SSNIT` da `VAT`, wato harajin albashi da asusun fansho da harajin kaya, a biyar, Excel a duka, manhajar lissafi ta QuickBooks a huɗu, ta Tally a biyu. Babu ko ɗaya daga cikinsu a bayaninsa, alhali su ne abin da yake yi tun daga Litinin har Juma'a. Shi ne yake haɗa albashin ma'aikata 42 a kowane wata, ya cire kashi 5.5 cikin ɗari na ma'aikaci ya haɗa da kashi 13 na kamfani ya tura kuɗin fansho kafin ranar 14 ga wata mai bi, sannan ya shigar da harajin albashi a hukumar haraji ta GRA kafin ranar 15. Da na tambaye shi dalilin da ya sa bai rubuta wannan ba, sai ya ce ya ga kamar ƙaramin aiki ne, ba abin da za a yi alfahari da shi ba. Amma shi ne aikin da za a biya shi albashi dominsa, kuma shi ne ake bugawa a akwatin bincike.

Ƙa'idar zaɓe ba ta da wuya. Kalma tana shiga ne idan ta cika sharaɗi biyu: ta fito a rabin sanarwar ko fiye, kuma za ka iya yin bayanin minti biyu a kanta idan aka tsare ka da tambaya. Sannan a rubuta ta da siffar da masu sanarwa suke rubuta ta, ko da kamfaninku yana da nasa sunan na cikin gida. A wurin aikinsa ana kiransa mataimakin manajan kuɗi, amma aikin da yake yi shi ne wanda kasuwa ta sani da `Accounts Officer`, don haka wannan sunan ya shiga jimlar farko, sunan da ke cikin takardar ɗaukarsa aiki kuma ya zauna yadda yake a sashen `Experience`. Inda kalma take da cikakken suna da kuma taƙaitacce, yana da kyau kowanne ya fito sau ɗaya a wani wuri a shafin, tunda ba ka san wanda mai bincike zai buga ba.

Haɗarin da ke nan shi ne a zarce. Na sha ganin wanda ya ji labarin kalmomin bincike ya jera guda arba'in a ƙasan bayaninsa, har da waɗanda bai san ma'anarsu ba. Bincike zai iya fito da shi, amma mutum ne zai karanta bayan haka, kuma jerin kalmomi marasa jimla ba ya nuna cewa an taɓa yin aikin. Kalma takwas zuwa goma sha biyu da aka saƙa cikin jimlolin da ke faɗin abin da aka yi sun wadatar, sauran kuma su tafi sashen `Skills`, wanda dama don haka aka yi shi. Hanyar ganewa ita ce ka karanta da babbar murya. Duk inda ka ji kamar kana karanta rasiti, to an cusa.

Mataki na huɗu: ƙarin gishiri

A nan muka fi daɗewa, kuma a nan ne mai bita yake buƙatar haƙuri, domin mutum ba ya jin daɗi a taɓa abin da yake taƙama da shi. Ja layi a ƙarƙashin kowace lamba, kowane laƙabi, da kowace kalmar yabo. Kowanne sai ya amsa tambaya uku: da me aka auna shi, mene ne rabonka a ciki, kuma wa zai shaida idan aka buga masa waya.

Muka fara da kashi 60 cikin ɗari. Na tambaye shi inda ya samo lambar, ya ce ya kwatanta cinikin watan Disamba na 2022 da na Disamba 2021. Lambar gaskiya ce, amma a Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a shekara, kamar yadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana. Ma'ana, kayan da aka saya sidi 100 a bara sun koma wajen sidi 154, don haka cinikin da ya tashi daga 100 zuwa 160 bai ƙaru da gaske ba sai da kusan kashi 4 cikin ɗari. Duk manajan kuɗi da ya rayu a wannan shekara zai yi wannan lissafi a ransa kafin ya ƙarasa jimlar, kuma abin da ya fi muni shi ne akanta ne ya rubuta ta, mutumin da ake sa ran ya fi kowa sanin haka. Ko da ma ƙarin na gaske ne, ba shi ne yake sayar da kaya ba, don haka ba shi da rabo a ciki. Muka goge ta.

Sai na tambaye shi abin da ya canza da hannunsa tun da ya zo. Ya yi tunani ya ce da can daidaita littafin kamfani da takardar banki yana kai kwana goma bayan ƙarshen wata, domin kuɗin da ke shigowa ta wayar salula ba a rubuta su sai an taru. Shi ya tsara takardar Excel da ake shigar da su kullum, yanzu ana gamawa cikin kwana huɗu. Wannan ƙaramar lamba ce idan aka kwatanta da waccan, amma tasa ce, shugabansa zai shaida, kuma duk wanda ya taɓa rufe lissafin wata ya san darajarta. Na ba shi shawara ya rubuta ta da kwanaki, daga goma zuwa huɗu, domin kwanaki suna nuna inda aka taso da inda aka kai, kaso kuwa yana ɓoye su. Ya kuma ce bashin da ya wuce wa'adi ya ragu daga sidi 200,000 zuwa 120,000 a shekara guda da ya riƙa bibiyar masu bashin. A nan kuma akasin haka na ce masa, ya rubuta kashi 40 cikin ɗari ya bar adadin kuɗin, domin lissafin kamfani amana ce, kuma akantan da ke baza sirrin maigidansa a intanet ya riga ya gaya wa maigida na gaba abin da zai yi masa.

Laƙabin `Chartered Accountant` shi ne mafi haɗari a duk shafin. A Gana wannan suna na waɗanda suka zama mambobin ICAG ne, cibiyar akantoci da aka kafa a 1963, kuma jarrabawarta matakai uku ce, bayan su kuma akwai sharaɗin gogewar aiki kafin a karɓi mutum. Ɗan ƙanwata yana da HND daga jami'ar fasaha ta Kumasi, ya ci matakin farko, yana kan na biyu. Ya ce, "Kawu, ai ina kan hanya, in sha Allahu zan gama." Na ce masa Allah ya sa, amma wanda yake kan hanyar Makka ba a fara kiransa Alhaji tun daga filin jirgi. Wannan abu ne da ake iya tabbatarwa da tambaya ɗaya, wato a nemi lambarsa ta mamba, kuma idan aka kama mutum a nan, sauran gaskiyar da ya faɗa ma ta zama abin zargi. Muka mayar da shi ɗalibin ICAG da ke mataki na biyu, wanda abin yabo ne a kan kansa, kuma kalmar `ICAG` da ake bincike da ita tana nan ba ta ɓata ba.

Sauran ba su ɗauki lokaci ba. Shekara bakwai ta fito ne daga haɗa shekara huɗu na aiki da shekarar hidimar ƙasa da kuma hutun makaranta biyu da ya yi yana koyon aiki, waɗanda ya ƙirga kowanne a matsayin shekara. Mai karatu zai gangara ƙasa ya ga kwanakin da ke `Experience` ya ƙirga da yatsunsa, don haka muka rubuta shekara biyar har da hidimar ƙasa. Tawagar da yake jagoranta ta zama 'yan hidimar ƙasa biyu da yake duba aikinsu, kuma haka aka rubuta. SAP kuwa horon kwana uku ya taɓa halarta, bai taɓa shigar da ko rasiti ɗaya a ciki ba, saboda haka ya fita gaba ɗaya. Manyan kamfanoni suka koma kamfanin sari ɗaya mai ma'aikata 42.

Ya kamata mai bita ya lura da fi'ilai ma, domin ƙarin gishiri yakan ɓuya a cikinsu ba tare da an faɗi ƙarya kai tsaye ba. Akwai tazara tsakanin na jagoranta, na gudanar, na taimaka, da na halarta, kuma kowanne yana da wurinsa. Idan masu binciken kuɗi na waje suka zo kai ne ka haɗa musu takardu, to ka shirya takardun bincike ne, ba ka jagoranci bincike ba. Haka nan akwai kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda na fi gani a wurin 'yan'uwanmu mata da kuma waɗanda tarbiyyar gida ta hana su yabon kai: mutum shi kaɗai yake haɗa albashi amma ya rubuta cewa yana taimakawa wajen haɗa albashi. Wannan ma rashin daidaito ne, kuma gyaransa ɗaya ne, a sa fi'ilin da shugabanka zai amince da shi idan aka karanta masa.

Abin da ya rage bayan gyara

Sabon bayanin bai kai rabin haruffan da aka ba shi ba. Ma'anarsa ita ce: shi `Accounts Officer` ne a kamfanin sarin kayan masarufi a Kumasi, da gogewar shekara biyar har da hidimar ƙasa. Yana haɗa albashin ma'aikata 42 a kowane wata, yana shigar da `PAYE` da `SSNIT` da `VAT` a kan lokaci, yana aiki da QuickBooks da Excel. Ya rage lokacin daidaita lissafin banki daga kwana goma zuwa huɗu, ya kuma rage bashin da ya wuce wa'adi da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, yana bibiyar abokan ciniki da Hausa da Tuwi da Turanci. Yana da HND, yana mataki na biyu na ICAG, kuma yana neman aikin akanta a Kumasi ko Akra ko Tema.

Kafin ya danna `Save` mun yi bincike biyu na ƙarshe. Na farko, mun ajiye shafin kusa da takardarsa ta neman aiki muka tabbatar sunayen matsayi da shekaru da lambobi sun yi daidai a duka biyun, domin saɓani a nan yana kama da ƙarya ko da mantuwa ce. Mun kuwa samu guda, takardar tana cewa ma'aikata 45, adadin da suke kafin uku su bar aiki. Na biyu, na zauna a matsayin mai intabiyu na ɗauki jimlolin ɗaya bayan ɗaya ina cewa ya ba ni labarin yadda aka yi. A kan `VAT` ya ɗan yi in-ina, sai ya bayyana cewa shi yake haɗa alƙaluman amma shugabansa ne yake shigar da su. Muka sauya jimlar ta ce yana shirya alƙaluman `VAT`, sannan muka bar ta.

Jimlar ƙarshe, wadda ke cewa yana neman aiki, ita kaɗai ce muka bari a buɗe, domin shugabansa yana cikin waɗanda ke ganin shafinsa. Na nuna masa cewa zai iya cire ta ya kunna `Open to Work` ya zaɓi `Recruiters only`, wanda ke nuna alamar ga masu ɗaukar ma'aikata kawai, ko da yake LinkedIn da kansa ya ce ba ya ba da tabbacin cewa labarin ba zai kai ga kamfanin mutum ba. Ya ce zai kwana a kan shawarar, tunda ƙarshen wata ya gabato kuma bai so wata magana ta taso kafin ya gama haɗa albashi.